Ranar da Na Fitar da Ɗalibai Rana

Ni mutum ne mai zargi, matata ma ta ce da zargi ana sayar da shi da na gina bene a Ƙaura. Amma a waccan shekarar ina da dalili. Ɗan yayata, wanda ta turo mini daga Dauran don ya ƙarasa sakandare a makarantar da nake koyar da lissafi, ya soma wani hali da ban gane ba. Yaron da bai damu da ƙwallo ba, sai ga shi yana tambayata ko an tashi wasan wata ƙasa da ni kaina ban san tana da filin ƙwallo ba. Waya kuma kullum kife take idan na shigo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin jarrabawar fita. Uwarsa ta sayar da ragon da ta yi wata takwas tana kiwo, ta danƙa masa kuɗin a hannu don tana so ya ji ya girma. Sau uku ina tambayarsa rasit, sau uku yana cewa akawu bai zo ba.

Da na taka ofishin akawun, minti biyu sun isa. Ban je ba. Tsoron amsar nake yi, gaskiya ke nan.

Ana haka shugaban makaranta ya ce in yi wa ’yan aji biyar da shida jawabi kan cacar ƙwallo, don iyaye sun fara kawo ƙara. A garinmu ba ka ganin shagon caca a buɗe, Hisba ba za ta bari ba. A waya take, tallarta kuma tana jikin rigar ’yan wasa da gefen fili a duk gidan kallon ƙwallo. Na karɓa da sauri. A raina na ce zan yi jawabin ina kallon fuskar mutum ɗaya.

Ranar Laraba aka tara su a babban zaure, sun kai ɗari da ashirin. Na fara da abin da na iya. Na ce a wasan da cinsa da faɗuwarsa daidai suke, idan ka sa naira ɗari, adalci shi ne a ba ka ɗari biyu in ka ci. Su sai su ba ka ɗari da casa’in. Goman nan da ba ka lura da ita ba, da ita ake biyan mai murmushin da ke cikin talla. Na ce idan ka haɗa wasa goma a tikiti ɗaya don kuɗin ya kumbura, sau goma aka yanke ka, kuma wasa ɗaya ya kuskure komai ya tafi. Kyautar maraba da suke shela kuwa, ba ka iya cire ta sai ka yi ta zuba ta a caca sau da yawa, kafin nan yawanci ta narke.

Suna ta hamma. Ɗan yayata yana layi na huɗu, idonsa a ƙasa, yana murza biro.

Sai na fito da dabarar da na kwana biyu ina alfahari da ita: wani tsohon kwabo na mahaifina. Malamin addini ya gyara zama, ya ce, “Malam, wanga abu ba shi ne muka hani ba?” Na ce babu ko sisi a ciki, ya zuba ido kawai. Bai yarda ba, amma ya ƙyale ni.

Na ce kowa ya miƙe. Zan cilla kwabon sama: wanda yake ganin gabansa zai fito ya ɗora hannu a ka, wanda yake ganin bayan ne ya riƙe ƙugu. Duk wanda ya faɗi ya fita waje ya jira ni. Na cilla. Kusan rabi suka fita suna dariya. Na sake, wasu suka bi su. Zauren ya yi ta raguwa, hayaniya tana ƙaruwa a tagogi. A jefa na shida saura biyu. A na bakwai saura ɗaya, kuma wallahi ban shirya ba, ɗan yayata ne.

Daga taga wani ya yi ihu, “Haɗin baki na! Kawunai na!” Wasu suka ce ba wani haɗin baki, yaron yana da sa’a. Aka hau tafi ana buga ƙyauren taga.

Nan ne ya kamata in faɗi maganar da duk jawabin yake kanta. Na faɗe ta kuwa, da ƙarfi. Na ce ku dube shi, bai san komai ba, bai fi kowa ba. In mutum ɗari da ashirin suka yi canke, ba abin mamaki ba ne ɗaya ya dace sau bakwai. Mai talla wannan ɗayan yake ɗauka hoto, da sabon babur a gefensa. Sauran ɗari da sha taran suna waje cikin rana, kuma kuɗinsu ne ya sayi babur ɗin. Ba wanda zai nuna muku su, su ma ba sa nuna kansu, don ba mai aika wa abokai hoton tikitin da ya faɗi.

Da na ɗago, sai na ga wa nake yi wa magana: malamai huɗu, kujeru, da yaro ɗaya. Waɗanda na kora waje rana ta dame su, rabi sun tafi wurin mai awara a bakin ƙofa. Na tagogi kuwa tafinsu ya hana su ji. Abin da suka gani kawai shi ne an tsayar da wanda ya ci a gaba, shugaban makaranta yana dafa kafaɗarsa. Kafin a tattaro su aka kaɗa ƙararrawa. Malamin addini ya wuce ta gabana, ya ce, “To, ka yi musu talla kyauta.” Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Kafin a tashi, na ga yara uku sun kewaye ɗan yayata a gindin dalbejiya da ’yar takarda, suna so ya zaɓa musu wasannin Asabar.

Bayan la’asar na same shi a zauren gida yana wanke takalmi. Na zauna a kan benci. Na shirya tambayar rasit a karo na huɗu, har da yadda zan ɗaure fuska. Shi ya riga ni. Fuskarsa a sake take, rabon da in gan ta haka tun kafin azumi.

Ya ce, “Kawu, sau bakwai fa.”

Na ce, “Ka ji abin da na ce bayan nan?”

“E, na jiya.” Ya ci gaba da goga takalmin yana murmushi. “Amma dai sau bakwai a jere. Ni tun da nike, ban taɓa ci ba sai yau.”

Burushin ya tsaya a hannunsa. Ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ni ma na ji. Ban yi tsawa ba, ƙarfin ma babu. Ragon nake gani, da yayata tana yanko masa ciyawa kusa da gida saboda daji ba ya shiguwa.

Na ce, “Saura nawa?”

Ya mai da burushin cikin bokiti. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, “In wasan Assabar ya zo daidai, duka za su dawo.”