Kwana arba'in na ɗori da akwatin katin Mushe

Shekarar da muka tare a Yekuwa, mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ta faɗo daga bakin rumbu da damin gero a hannu, ta karye a ƙwauri. Mai ɗori ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure, sannan ya dube ni ya ce, "Kwana arba'in ba za ta taka ba. In ta taka, ƙashin zai kama a karkace, ɗingishi kuma har abada."

Na san aiki ya same ni. Mace ce da ba ta iya zama. Rana ta huɗu na dawo daga gonakin gyaɗa da nake dubawa, na tarar ta ja gindi har bakin murhu tana gyara wa innata wuta.

Abu ɗaya na san yana zaunar da ita. Ƴar Magarya ce, ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta ci sartifika, kuma ta fi ni Faransanci nesa ba kusa ba. Ranar kasuwa na hau keke na je kolejin Magarya, inda wani malami ke riƙe da ɗakin littattafai, yana ara wa na waje in ya yarda da su. Kunya ta hana ni tambaya. Na ɗauki mai kauri, da hoton mace a bakin taga, na ce wannan na mata ne, kuma zai daɗe.

Kwana biyu ta miƙo mini shi.

"Malam, ni da ke kwance a ɗaki, ka rasa abin kawo mini sai wata da ke zaune a ɗaki? Shafi ɗari tana tunanin ko mijinta na son ta. Ta tashi ta tambaye shi mana!"

Washegari innata ta kama ta tsaye a ƙafa ɗaya, ta dogara da taɓarya. Mai ɗori ya zo ya lalluba, ya ce Allah ya rufa asiri, amma kada a sake.

Na koma Magarya, wannan karon na faɗa wa malamin komai. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman lakwal. Ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Ka ɗauki littafi kamar mai sayen akuya da dare. Juya bayansa. Me aka rubuta nan?"

Na karanta da ƙyar: daram sikolojik.

"To. Irin wannan, abin da ke faruwa a cikin zuciyar mutum yake faruwa: zargi, nadama, kishi. Ba gudu, ba bi. Littafi ne mai kyau, amma ba na mai son tashi ba."

Ya jawo wani kwalin sukari cike da katuna. Kowane littafi da katinsa, kuma bai jera su da sunan marubuci ba, ya jera su iri-iri, da ɗan kwali mai tsayi a tsakani. Ya ce wanda bai san sunan littafi ba, bai san marubuci ba, in ya san irin da yake so, ya rage wa kansa nema. Ya nuna mini polisiye: an riga an yi laifin, ana binciken wanda ya yi. Ya nuna mini suspans, wanda ya ce wasu na kira tirila: haɗarin yana gaba, mai karatu na ganin sa yana matsowa, tambayar ita ce ko mutumin zai tsira. Can ƙarshe akwai ƴan katuna huɗu. Ya ce komedi nuwar ke nan, ban dariya ne, amma da abin da ba a saba yi wa dariya ba: mutuwa, ciwo, mugunta. Na ce a'uzubillahi, ya wuce. Na rubuta sunayen a bayan kayena, wato littafin rubutuna, kowanne da bayaninsa da Hausa.

Na fara da polisiye. Bai yi ba. Tun a babi na uku ta ce direban ne, ta leƙa ƙarshe, ta ga shi ne, ta ajiye. Amma yanzu na san abin da zan ce. Na gaya wa Mushe ba ta son a ɓoye mata wanda ya yi, tana gano shi. A ba ta wanda za ta ji tsoron abin da ke zuwa. Ya tura yatsa kai tsaye cikin suspans.

Nan gida ya canza. Da hantsi take karatu, bayan la'asar matan maƙwabta su kawo ɓarar gyaɗarsu bakin ƙofarta, ta mayar musu da labarin da Hausa. Innata, da ta ce littafin nasara ba ya shiga kunnenta, ita ce ke matso da tabarma. Wata rana na ji ta tana faɗa da mutumin cikin littafin: "Kai, kada ka shiga jirgin nan, ɗan nan! Ba ka ga mai hular ba?" Mai ɗakina ta rufe littafin ta ce sai gobe. Innata ta ce, "Ja'ira, don kin ga ba na iya karantawa."

Sai dai suspans ba ya daɗewa a hannunta, kwana biyu ta cinye ɗaya, kuma in ta san ƙarshe ba ta komawa. Katunansa bakwai ne kawai. Saura kwana goma sha biyu a kwance ɗori suka ƙare, ga ƙafar ta daina zafi ta koma ƙaiƙayi, wanda mai ɗori ya ce shi ne lokacin da mutane ke ɓata aikinsa. Na ga tana kallon taɓaryar nan.

Da na koma, Mushe ya zaro katunan nan huɗu na komedi nuwar. Na ce, "Haba Mushe, mara lafiya zan kai wa wasa da mutuwa?"

"Da me take dariya a gida?"

Na tuna ranar da ta faɗo, ana ɗauke ta tana kuka, ta ce wa innata a tattara geron tukuna, ita ba kaji za su tsince ta ba. Na faɗa masa. Ya ce, "Ɗauki wannan."

Labarin wani mai haƙa kabari ne a garin da aka shekara ba a mutu ba. Yunwa ta dame shi, sai ya zama ya fi kowa zuwa gaida marasa lafiya, yana yi musu sannu yana auna tsawonsu da ido. Na miƙa mata ina fargaba. Ina bakin rijiya na jiyo dariyarta.

Wannan bai ƙare da sanin ƙarshe ba. Ta karanta shi sau uku, kowane karo da inda zai kama ta. Matan suka riƙa cewa a maimaita musu wurin da mai haƙa kabarin ya kai wa wani attajiri romo. Innata ta ce wannan ba abin dariya ba ne, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Duk wadda ta shigo gaisuwa, mai ɗakina sai ta ce, "Sannu kika zo yi, ko awo?" Har mai ɗori bai tsira ba. Ya zo duba ƙafa ya miƙa taƙinsa a kan ƙwaurin, ta ce, "Baba, kamu nawa ka samu?" Da aka ba shi labarin, ya zauna sai da ya ji ƙarshensa.

Na ɗauko mata sauran ukun ma. Ɗaya ta ce ya yi ɗaci da yawa, dariyar ba ta biya ba. Biyu ta so su.

Rana ta arba'in da safe ya kwance kararen. Ƙafar ta rame, ta yi fari-fari. Ya sa ta miƙe ƙafafun biyu a kan tabarma, ya haɗa dugadugan, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Daidai suke. Tashi."

Ta dafa kafaɗata ta taka, ta sake takawa, sannan ta sake ni. A hankali ta bi jikin danga har ƙofar gida, ta tsaya tana kallon hanya, ba ta ko waiwayo ba, ta ce in ɗauko mata takalmanta.