Layi na Bakwai a Takardar Banki

A ofishinmu na rarraba magunguna akwai wata mata da muke kira Anti Tukuna, saboda duk abin da ka kawo mata da gaggawa amsa ɗaya ce: "Tsaya tukuna." Shekara goma sha tara tana sakatariya. Ta binne miji, ta aurar da ƙanne uku, ta ga bayan manajoji biyar. Ni ne akanta, kuma na yarda ba ni da haƙuri, shi ya sa kullum muna 'yar tsama.

Wata huɗu bayan an sallami Dogo, mai kula mana da kwamfutoci, na lura ana ta cirar kuɗi a katin banki na kamfani. Ashe duk manhajar da ya yi wa rajista, da wannan katin ya yi. Raina ya ɓaci. Na samu manaja na ce a rufe katin kowa ya huta, ya ce ranar Juma'a.

"Tsaya tukuna," in ji Anti. "Ƙanena, rufe kati ba ya soke rajista. Biya ne zai tsaya, su aika gargaɗi ga mai asusun, in ba amsa su yanke aikin. To wa ke da asusun? Kuma me za su yanke?"

Ban sani ba, kuma haushin rashin sanin ya fi na kuɗin.

Ta sa na ciro takardar banki ta wata goma sha biyu, don wasu sau ɗaya suke cira a shekara. Ta ɗora rula tana bi layi-layi, tabarau a kan hanci, shayinta na hucewa. Rajista bakwai ta samu. Shida da imel ɗin ofis aka buɗe su, sai ta sa aka farfaɗo da akwatin imel ɗin Dogo, ta canza kalmar sirri. Huɗu marasa amfani ta shiga ciki ta soke, ta buga shaidar sokewa ta sa a fayil. Biyu ta mai da su sunan kamfani da sabon kati.

Layi na bakwai ya gagara. Kuɗi kaɗan ne duk wata, sunan kuma wasu haruffa ne a dunƙule. Babu rasit ko ɗaya a imel ɗin ofis.

"Wataƙila fim yake kallo da kuɗinmu," na ce.

"Wataƙila," ta ce, amma idonta na kan ranar da aka fara cira. Ta tashi ta buɗe kabad, ta zaro fayil ɗin sayayya na wannan watan. A ciki akwai takardar wasu na'urori biyu masu auna sanyi, waɗanda aka liƙa a firji biyu na ɗakin sanyi, inda muke ajiye insulin na masu ciwon suga da alluran rigakafi. Kamfanin da ya sayar ta kira. Suka ce eh, kuɗin saƙon gargaɗi ne: in zafi ya hau, saƙo ya tafi wayar mai asusun. Asusun kuwa da imel ɗin Dogo na kansa yake, don haka sai shi ya miƙa.

Da an rufe katin ranar Juma'a yadda na so, ko firjin ya lalace ba wanda zai ji.

Amma Anti wani abu ne ke damunta. "Wata huɗu saƙo na zuwa wayar mutumin da ba ya nan. Yaya aka yi magani bai taɓa lalacewa ba?"

Muka gangara sito. Mai sito, dattijo mai kunya, ya daɗe yana goge teburin da ba datti kafin ya amsa.

"Dogo ne yake kirana in saƙon ya zo masa, Anti. Sau biyar ke nan. Na ji tsoron faɗa, tunda manaja ya ce kada a ƙara hulɗa da shi."

Ranar Alhamis Anti ta kira Dogo, ta buɗe muryar wayar. Ta fara da tambayar matarsa da yara, sannan ta zo kan magana. Ya ce ranar da aka sallame shi ya rubuta wa manaja jerin rajistar duka, ba a amsa ba. Ba faɗa, ba gori. Ya shiga asusun ya sa imel ɗin kamfani a matsayin mai shi, Anti ta amince ta ɓangarenta, ta sa lambar mai sito da tata da sabon kati. Minti goma.

Ni dai bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Dogo, akanta ne. Don me ba ka share saƙon ka huta ba?"

Ya ɗan yi dariya. "Asibitin da mahaifiyata ke karɓar insulin, daga wurinku suke saye. Ni na san firjin da maganin yake fitowa."

Kunya ta rufe ni. Kafin ya ajiye wayar ya ce, "Anti, don Allah a gyara robar ƙofar firji na biyu. Yanzu ba zan ƙara sani ba in ta buɗe."