Wasiƙar Ta'aziyya Daga Ofis

Da ɗana ya rasu, ofishinsu suka aiko wasiƙar ta'aziyya da Turanci. Mahaifiyarsa ta ce sai ta ji da Hausa, kuma ba daga bakina ba, don ta san zan gyara.

Maƙwabcinmu tafinta, wanda ya tsufa yana fassara takardun ma'aikata, ya zo falo, ya sa tabarau. Da ya ga shugaban ya kira ni da sunana tsirara, ya ce: "Zuwa ga mahaifin marigayi, bayan gaisuwa mai yawa." Ya ƙara addu'ar da babu a takardar.

Ta ce, "Ashe sun girmama shi."

A bakin ƙofa na tambaye shi ko fassara ce wannan. Ya ce, "Malam, abin da suke nufi ke nan. Ina ga dai."

Ni ma ban sani ba. Ban gyara mata ba.