Shagon Ubanmu

Kowa a layin nan Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. A bayan kanta ya tashi, a shagon mahaifinsa, yana auna sukari yana ƙulla gishiri a leda. Buhun da ɓera ya taɓa, tun daga bakin ƙofa yake gane shi.

Tsohon kuwa mutum ne mai sakin hannu. Ɗansa ko 'yarsa ya shigo ya ɗauki madara ko sabulu, iyaka ya ce Allah ya yi albarka. Da ya rasu, magada suka zauna, kowa ya san kasonsa, suka yarda kada a fasa shagon: Yaya ya riƙe, a riƙa raba riba gwargwadon rabon kowa. Aka ce ya yanka wa kansa albashi, kunya ta hana shi.

Ba a jima ba ƙaninsu ɗaya ya bi tsohon, kasonsa ya koma kan matarsa da ƙananan 'ya'yansa. Su ba sa zuwa ɗaukar komai. Masu zuwa su ne Direba, autan maza, da ƙanwarsu Malama, kuma hannunsu bai manta hanyar kanta ba. Yaya ya ga duk gwangwanin da ya fita haka, akwai haƙƙin marayu a ciki. Sai ya sa doka: wanda ya ɗauka ya biya, har shi kansa. Matarsa ma da kuɗinta take sayen ashana.

Ranar da ya tare Direba da galan ɗin mai a hannu, sai Direba ya yi dariya.

"Yaya, kai ka haife mu ne? Shagon ubanmu ne fa."

"Uban marayun nan ma ubansa ne," in ji Yaya.

Daga nan magana ta fara yawo. Malama ta ce mutumin da ya ƙi albashi ai ya san inda yake ci. Suna aka yi a gidanta bai ji ba sai a bakin masu sayayya. Ƙarshe suka nemi a sayar a raba, kuma haƙƙinsu ne. Matar ƙanin nasu marigayi, wadda Yaya ya sa dokar dominta da 'ya'yanta, ta ce ita ba ta son rigima, ta bi bayansu.

Aka sayar. Yaya ya tashi da kasonsa kawai; shekarun da ya yi yana buɗewa da rufewa ba wanda ya lissafa, tunda shi ya ce ba ya so.

Wanda ya sayi shagon ya ɗauke shi aiki, don masu sayayya shi suka sani. Yana nan a bayan kantar. Direba yakan zo sayen sukari, ya biya cif ba gardama, har ya ce a gaida mai shago.