Tsiron Furfurar Kunnen Hagu

Shekara goma sha tara ta yi tana kitso kafin ciwon baya ya tashe ta daga kan kujerar tsuguno. Shi ya sa har yau, a shagon hoton ƙanin mijinta, ba mai kiranta da wani suna sai Mai Kitso, ko da yake yanzu linzamin kwamfuta ne a hannunta, ba mataji ba. Tana da shekara arba'in da biyu ta koyi gyaran hoto, ana ta yi mata dariya, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da kowa.

Ƙanin mijin nata ana ce masa Sauri, kuma sunan ya bi shi. A wurinsa gyaran hoto danna maɓalli ɗaya ne, kwamfuta ta yanko mutum, a dusashe abin da ke bayansa, a buga. Ko gashin kai ya fito kamar ɓera ya gaigaye shi, ba ruwansa.

Wata safiya wata malamar asibiti ta shigo da hoton mahaifinta, wanda ya rasu sati uku da suka wuce. Shi kaɗai ne hotonsa da suke da shi, tana so a buga babba ta kai wa mahaifiyarta. Tsohon mai gyaran keke ne, yana tsaye a bakin titi ba hula, furfura ta miƙe kamar auduga. Bayansa kuwa babura, allon talla, igiyoyin lantarki, da wani ƙato yana hamma.

Sauri ya danna maɓallinsa. Kwamfuta ta aske rabin furfurar, sauran ta bar ta da ɓurɓushin jan allon talla a tsakankaninta.

"Yaya, daidaita masa kan nan kawai," in ji shi. "Share wannan tsiron na kan kunne. Ko ki ɗora masa hula, mu huta."

"Hular ubanwa? Mutum ya yi shekara saba'in da kansa a buɗe, sai da ya mutu za ka yi masa aski?"

"Hotuna goma sha biyu na jiranki. In ba za ki iya ba, masu son kujerar nan sun fi a ƙirga."

Maganar ta yi mata zafi, don ta san ba wasan ƙanin miji ba ne, kuma bayanta ba zai koma kitso ba. Amma ta ja kujerarta gaba. "Kujera taka ce, hannu nawa ne. Ka kore ni in na gama."

Ta raba hoton gida biyu, tsoho a shafin sama, titi a na ƙasa. Ba ta fara dusashe titin ba sai da ta cire tsohon daga shafin ƙasa, ta cike gurbinsa da titin da ke gefe. Ta san in aka dusashe da mutum a ciki, farar furfurarsa da launin rigarsa za su nashe su zagaye shi kamar hayaƙi. Ƙasar da yake takawa ta bar ta tar, sai ta riƙa ƙara dushin daga nan zuwa nesa, don kada ya zama kamar an liƙa shi da gam.

Sannan ta koma kan gashin. Ta ƙara girman hoton har kunnen tsohon ya cika fuskar kwamfuta, ta ɗauki ƙaramin buroshi mai laushi na cikin kwamfutar tana maido da silin da kwamfuta ta cinye, ɗaya bayan ɗaya, tana bin yadda ya kwanta. Jan da allon talla ya bari a gefen silin ta rage masa launi har ya koma fari. Mai kitso ta san gashi ba ya ƙarewa a layi ɗaya. Sauri ya leƙo sau huɗu yana tsaki, ko kallo bai ishe ta ba.

Da la'asar malamar ta dawo. Titi ya zama launuka masu laushi, ƙaton mai hamma ya narke, sai tsoho shi kaɗai tsaye yana murmushi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan tsiron nan na kunnen hagu.

"Kun bar masa shi. Shekara arba'in Mama tana danne masa wannan da ruwa kullum safiya, kafin ya kai ƙofa ya sake miƙewa."

Sauri ya hau goge gilashin teburinsa da ba shi da ƙura. Mai Kitso ta juyo ta dube shi.

"To, na gama. Ga kujerarka."

Ya ci gaba da goge gilashinsa. Ta gyara zama, ta buɗe hoto na gaba.