Fom ɗin da Na Mai da Hoto

Lokacin da nake sakataren ƙungiyar malamai a Daura, ni na tsara fom na neman tallafin magani. Na buga shi a takarda don in danna masa hatimi, sannan na ɗauki hotonsa na tura wa kowa.

Washegari wani dattijon malami makaho da ke koyarwa a Mai'adua ya kira ni. Kwamfutarsa ce ke karanta masa rubutu da murya, kuma da kansa yake cike takardunsa. Ya ce wannan karon ba abin da take gaya masa sai dai akwai hoto. Ba ta ganin ko harafi ɗaya, balle gurbin rubuta amsa.

Raina ya ɓaci. Na ce, “Baba, kowa fa ya buga nasa ya cike da biro. Ranar Alhamis zan rufe karɓa.”

Ranar Laraba sai ga shi a kan babur, ya iske ni a ofishin malamai cike da jama'a. Ina sauri, ban ko ja shi gefe ba. Na riƙa karanto tambayoyin da ƙarfi ina rubuta amsarsa, har na zo kan irin ciwon da ke damunsa. Ya faɗa a hankali, a gaban malamai mata sa'o'in 'ya'yansa. Ciwon mafitsara ne.

Da zai tashi ya ce, “Ɗana, ainihin wanda ka rubuta, ya ɓace ne?”

Yana nan cikin kwamfutar da ke gabana, a buɗe.