Inda Baba Alli Ya Tsaya

A sashen tattalin arziki Baba Alli ake ce masa, don tuni sauran malamai suka koma majigi, shi yana nan da allinsa da doguwar rular katako. Muryarsa a dishe take, amma na bencin ƙarshe yana jin ta. Yawancin malaman sashen a gabansa suka koyi raba tasirin tashin farashi gida biyu, har da shugabar sashen.

Misalinsa ɗaya ne, bai taɓa sakewa ba: maiɗakinsa Hajiya ta je kasuwa ta tarar nama ya yi tsada. Ɗalibai sun san ta ba su taɓa ganinta ba. A falo yake gwada darasin, ita tana guga.

"Malam, an sake tura ni kasuwar allo?" takan ce. "Bana dai ka ba ni kuɗin mota."

Da ta rasu, ya koma aiki kamar kowa. Ya koyar da layin kasafi mai nuna iyakar abin da kuɗi zai saya, ya koyar da lanƙwasar gamsuwa mai nuna jin daɗin mai sayayya, da ya iso wannan darasi sai ya tsallake. Jarrabawa ta matso, ɗalibai suka kai kuka. Shugabar sashe ta same shi a ofis, ta ƙi zama.

"Baba, sai an yi shi. In ba za ka iya ba, dole in ba wani ajin."

"Ke da na koya wa riƙe rula?"

"Shi ya sa na zo da kaina."

Ranar darasin ta zauna a bencin baya. Fanka na juyawa, tana kaɗa ƙurar alli. Baba ya ja layi biyu, na kwance nama, na tsaye sauran kaya. Ya zana layin kasafi da lanƙwasar da ta taɓa shi, ya sa ɗigo.

"Nan A. Nan wani mutum yake sayayya kafin farashi ya tashi."

"Baba, ba Hajiya ba ce?" in ji wani daga tsakiya. Yayyensa sun ba shi labari, bai san an yi rasuwa ba. Na kusa da shi ya taka masa ƙafa.

Baba ya juya ga allon.

"Ita ce," ya ce. "Nama ya tashi, kuɗinta na nan yadda suke." Ya karkato layin ciki ta gefen nama. "Abu biyu ya same ta lokaci guda. Nama ya yi tsada a kan sauran kaya, kuma abin hannunta ya rage ƙarfi. Don mu raba su, sai mu cika mata jaka, a allo kawai, har ta koma jin daɗinta na da."

Ya ɗora rular a kan sabon layin, ya zame ta waje ba tare da ya karkata ta ba, har ta taɓa tsohuwar lanƙwasa. Ya ja layi ɗigo-ɗigo.

"Nan B, hagu da A. Daɗinta bai ragu ba, amma ta rage nama ta ƙara wasu kaya, don nama ya fi tsada. Wannan shi ne tasirin musanya."

"To wa ke tsaye a B, Baba?" wata ta tambaya.

"Ba kowa. Babu mai sayayya a wurin. Mu muka ƙirƙiro shi."

Saura mataki ɗaya. A kwashe abin da aka cika mata, rula ta zame ciki zuwa layin gaskiya, ta faɗo ƙaramar lanƙwasa. Tunda nama kaya ne da ake ƙara saye in samu ya ƙaru, a rage in ya ragu, C zai faɗi hagu da B. Tasirin kuɗin shiga ke nan, gefe ɗaya yake turawa da na musanya. Baba ya san wannan fiye da hanyar gidansa.

Rular ba ta motsa ba. Ya karkata kai kamar mai sauraron magana daga ɗaki na gaba. Ya ce a hankali, ba da ajin yake ba:

"Na ji, Hajiya. Ba zan karɓe kuɗin ba."



"Baba," in ji shugabar sashe, "saura C."

"Na sani, 'yata. A nan ba ta rasa komai ba. Ki bari in bar ta a nan."

Ta taso, takalminta na ƙwanƙwasa siminti. Ya miƙa mata allin. Rular ce ya ɗan riƙe kafin ya saki.

Ya fita baranda ya tsaya jikin taga, ya juya wa allon baya. Yana jin katako na zamewa a kan allo, ciki, ciki, sai ɗan ƙaran alli.

"Nan C," in ji ta. "Daga gobe ni zan riƙa zuwa muku."